Jerin aikatau: akwai shi a Hausa?

"Malaminmu ya ce Yarbanci na jera aikatau ba mahaɗi. To, 'ya ɗauki littafi ya zo' ba haka ba ne? Ni ban ga mahaɗi a ciki ba."

Rashin mahaɗin kaɗai bai isa ba, ɗan'uwa. Dubi Yarbancin: Olú mú ìwé wá. Kalma bayan kalma, Olu, ɗauka, littafi, zo. Aikatau biyu ne, mú da wá, amma mai aikin sau ɗaya aka ambace shi, lokacin ɗaya, abin da ya faru ma ɗaya: Olu ya kawo littafi. In za a kore, kò guda ake sawa gaban na farko, Olú kò mú ìwé wá, ta shafi duka biyun.

Yanzu ƙirga "ya" a jimlarka. Biyu ne. Kowane aikatau ya zo da lamirinsa mai nuna mutum da lokaci. Cire na biyun ka ji: "ya ɗauki littafi zo". Ko yaro ba zai faɗi haka ba. Shi ya sa galibin masana ke ɗaukar tamu a matsayin ƙananan jimloli biyu a jere. Kana ma iya cusa "sannan" tsakaninsu, maganar ba ta lalace ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, aikin da wá ke yi can, mu wasali ɗaya ke yi mana shi: kai, kawo, saya, sayo. Inda kuma Bayarabe zai ce ó fi ọ̀bẹ gé ẹran, da aikatau fi mai ma'anar amfani da abu, mu "da" muke sawa: ya yanka nama da wuƙa.