Zan rubuta wa kamfanin gem wasiƙa kan shotgan ɗin da ta dame mu, alkaluman nan sun isa?

Tambaya: Salam yayana, dan Allah ina neman shawara. Akwai gem ɗin harbi na waya da muke bugawa da abokaina anan Samaru, tunda aka yi afdet ɗin ƙarshe wata shotgan ta hana kowa sakat, harbi ɗaya kawai ka faɗi. Na zauna na ƙirga mutuwata 100 a littafi, 41 duk da ita aka kashe ni. So nake in rubuta ma kamfanin wasiƙa su rage mata ƙarfi. Wannan lissafin ya isa hujja ko da abinda zan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wlh naji daɗin yadda ka ɗauki biro ka ƙirga, amma gaskiya 41 ɗin nan ita kaɗai bazata motsa kowa a kamfanin ba, kuma bari in nuna maka dalili tun kafin ka ɓata datarka wajen turawa.

Tambayar farko da mai daidaita makamai zai yi ita ce, mutum nawa ne ke riƙe da bindigar? In cikin duk ƴan wasa 100 mutum 40 ita suke ɗauka, to ai dole kusan kashi 40 na mutuwarka ya zo daga gareta, wannan farin jini ne kawai ya nuna, bai nuna ƙarfi ba. Amma in mutum 20 ne ke ɗaukarta kuma suna cin kashi 41 na kisa, kaga duk mai riƙe da ita yana kashe ninki biyu na rabonsa kenan, nan ne magana ta fara nauyi. Saboda haka dole ka ƙirga abu biyu tare, wa ya kashe ka da kuma me mutanen ɗakin suka ɗauka. Sannan 100 ta yi kaɗan. Ƙirge irin wannan yana iya kaucewa da wajen maki 10 sama ko ƙasa, ma'ana 41 ɗinka zata iya zama 31 ko 51 a zahiri. In ku huɗu kuka haɗa littattafanku ya kai 400 kaucewar ta dawo wajen 5. Ka kuma rubuta wane fili aka buga, don in ƙananan filaye masu lungu da ɗakuna kuka fi zaɓa to dama can ne gidan shotgan, kuma su ma sun san haka.

Amma ni in nine kai, ba akan wannan zan gina wasiƙar ba. Kamfanin na da bayanan wasannin da aka buga a sabarsu gaba ɗaya, ba zaka fi su yawan alkaluma ba har abada. Abinda zaka iya basu wanda zai sa su buɗe nasu bayanan shine ka nuna musu daidai tazarar da bindigar ta wuce gona da iri. Shotgan an yi ta ne dama don ta kashe da harbi ɗaya a kusa, da wuya kamfani ya cire mata wannan. Rigimar yawanci akan mita nawa ne.

Ga yadda abin yake aiki. Shotgan ba harsashi ɗaya take fitarwa ba, ƙwayoyi ne da yawa ke fita lokaci guda suna bazuwa kamar an watsa ma kaji gero, in kana kusa duk su same ka, in kana nesa wasu su wuce ta gefe. Kuma akasarin gem suna rage illar kowace ƙwaya in tazara ta ƙaru. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, kai sai ka saka na gem ɗinku. A ce ran ɗan wasa 100 ne, shotgan na fitar da ƙwaya 8, kowace na cin 20. Jimla 160, wato ƙwaya 5 cikin 8 sun isa su kwantar da mutum, ko da saitinka bai zauna daidai ba uku suka ɓace ka gama dashi. A ce kuma sai bayan daƙiƙa ɗaya take iya harbi na biyu. Abokiyar gasarta a kusa ita ce SMG, ƙaramar bindiga mai harbi a jere da sauri, a ce tana cin 25 duk harsashi, tana harba 800 a minti, wato RPM ɗinta kenan. Lokacin da take ɗauka ta kashe, wanda ake rubutawa TTK, haka ake fitar dashi:

```
TTK = (harbi - 1) x 60 / RPM
TTK = (4 - 1) x 60 / 800 = 0.225
```

An cire ɗaya ne saboda harsashin farko baya jiran komai, yana fita da ka taɓa. To SMG na buƙatar daƙiƙa 0.225 in ba'a ɓarar da harsashi ko ɗaya ba. Shotgan kuwa in harbin farko ya kashe lokacinta sifili ne, in bai kashe ba sai ta jira daƙiƙa guda cur, kuma a wannan jiran mai SMG ya isa ya kashe ta sau huɗu. Wannan kasadar ita ce farashin da mai shotgan ke biya, ita ce ke sa wasan ya zama adalci. Yanzu lissafa, in harbin farko na kashewa sau 8 cikin 10, sau 2 ne kawai ake jiran na biyu, matsakaicin lokacinta ya zama 0.2, ta riga SMG. In sau 5 cikin 10 ne ya zama 0.5, SMG ta fi ta nesa ba kusa ba. Da waɗannan lambobin iyakar tana wajen kashi 78 cikin ɗari. Duk tazarar da harbi ɗaya ke kashewa sama da haka, yankin shotgan ne. Aikinka shine ka gano a mita nawa ta sauko ƙasa da wannan iyaka.

Gwajin baya buƙatar komai sai kai da aboki ɗaya da haƙuri. Ku buɗe ɗaki na ku kaɗai ko filin atisaye, shi ya tsaya cak da cikakken rai, ba sulke ko kuma sulke iri ɗaya kullum, kai ka saita ƙirji, banda kai, don harbin kai na da ƙari na musamman zai rikita maka lissafi. Ku fara daga mita 4, ku riƙa ƙara biyu biyu har 16, in gem ɗin na nuna tazara idan ka sa alama a wuri to da ita zaku auna. A kowace tazara harbi 30, ka rubuta sau nawa ya faɗi da ɗaya. Kar kayi biyar ka tashi, domin a gem da yawa bazuwar ƙwayoyin canzawa take duk harbi. Kayi zagaye ɗaya kana leƙawa ta saiti, zagaye ɗaya harbin ƙugu, sannan ka maimaita da kayan haɗin da kowa ke sakawa, musamman irin wanda ke matse bazuwa ko ƙara tsawon baki. Sau da yawa anan ake kama ɓarawon, bindigar tsurarta lafiyarta lau, wani abin haɗi guda ne ya ƙara mata mita uku ko huɗu. Ka ɗauki bidiyon allo na duka.

To a ce ka gama sai ka samu a mita 6 sau 30 cikin 30, a mita 10 sau 27, a mita 12 sau 25, sai a 14 ta faɗo 13. 25 cikin 30 kashi 83 ne, har yanzu tana saman iyaka. Kaga yanzu kana da jimlar da za'a iya bincika, cewa shotgan na riga SMG har mita 12, alhali tazarar da aka yi SMG dominta kenan, mai SMG bashi da inda zai tsaya ya ci riba. In kuma gwajin ya nuna ta mutu tun mita 7, to ƙanena bindigar bata da laifi, shiga lungu kake yi da yawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu ƴan nan musamman, kuma ina so ka ɗauke shi da gaske, shine ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa saba ya dawo. Sabar da muke hawa yawanci tana nesa damu, kuma kasan yadda netwok ke yi da yamma a Samaru ko Kongo lokacin da kowa ya hau. In ping ɗinka 150 ne, wanda ya leƙo daga kwana ya ganka kafin hotonsa ya iso wayarka, kuma da bindigar da harbi ɗaya ta isa, kafin ka ganshi ma an gama. Shi yasa wani lokaci zaka rantse ka riga ka shige bayan bango aka kashe ka, ko ka ga kamar daga nesa ya harbo alhali a wajen saba yafi haka kusa. Wannan na sa shotgan ta fi mana ciwo fiye da wanda ke zaune kusa da saba. Kar ka ɓoye shi, ka rubuta ping ɗinka a wasiƙar, kuma ka ware mutuwar da ta faru lokacin da yake tsalle. In baka yi ba, da shi za'a kore maganarka gaba ɗaya.

Sai abinda zaka roƙa. Kar kace a rage mata ƙarfi kawai ka yi shiru, ka faɗi wane maɓalli za'a taɓa. A misalinmu, in bayan mita 8 kowace ƙwaya ta koma 16 maimakon 20, ƙwaya 6 sun zama 96, basu kashewa, sai 7 cikin 8 sun shiga. A kusa babu abinda ya canza, masu sonta basu rasa komai ba, a mita 12 kuma harbi ɗaya ya zama sai an dace. Irin gyaran da kamfanoni suka saba yi kenan. Lokacin da Modern Warfare ta fito a Oktoban 2019, shotgan ɗin 725 na kashe mutane daga tazarar da bata kamata ba, cikin ƴan makonni kamfanin Infinity Ward da ya yi gem ɗin suka rage mata nisa. Shekara goma kafin nan sun yi irin haka da Model 1887 da ake riƙewa biyu hannu bibbiyu a Modern Warfare 2. A Fortnite kuma matsalar lokaci ce, mutane na ɗaukar shotgan biyu suna musanyawa don su tsallake jiran harbi na biyu, sai kamfanin Epic suka saka jinkiri tsakanin shotgan da shotgan a Yulin 2018. Kaga a ukun nan nisa ko lokaci aka gyara, kuma kaima a nan ya kamata roƙonka ya tsaya.

Wasiƙar kanta ta zama gajera, da Turanci mai sauƙi tunda shi zasu karanta. Layin farko sunan bindiga da lambar afdet da tazarar da ka gano, sai sakamakon kowace tazara, sai yadda kayi gwajin da wayar da ping da kayan haɗi don wani ya iya maimaitawa, sai gyara ɗaya da kake nema, sai bidiyon. Ƙirgen 41 ɗinka ya zo ƙarshe a matsayin abinda ya sa ka fara bincike, tare da adadin masu ɗaukarta in kun tara. Banda zagi, banda cewa zaka goge gem, kuma kar ka cusa wasu koke guda biyar a ciki. Ka tura ta wurin aika ra'ayi na cikin gem ɗin ko shafinsu na hukuma, kuma in sabon afdet ya riga ka fita kafin ka tura, ka sake gwajin mita 10 da 12 tukuna don lambobin na iya canzawa.