Batirin na'urar ji ya mutu tun ba a yi amfani da shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Marwa nake rubutowa. Mahaifina yana sa na'urar ji, mai batir lamba 13. A farkon hunturu na sayo masa kati ɗaya mai guda 6. Wani mai gyaran waya ya auna ɗaya da mitarsa, ya ce ba su da caji sosai, ya ɓare takardar da ke manne a kan duka shidan don ya gwada. Na farko ya yi aiki lafiya, na biyu bai daɗe ba, sauran ko motsi ba su yi ba. Jabu aka sayar mini? Maƙwabcinmu ya ce bushewa suka yi, wai Baba ya sa su a baki ya jiƙa da yawu ko a shanya su a rana. Ina tsoro, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin komai, kada batir ko ɗaya ya kusanci bakinsa.

Da wuya a ce jabu ne. Ranar da aka ɓare takardun nan aka kashe su. Wannan batir ya sha bamban da na agogo ko na tocila, waɗanda duk kayan aikinsu ke rufe a ciki. Shi garin tutiya ne a cikinsa, an kwaɓa da wani ruwa mai kaifi dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Abu na biyu da yake buƙata, wato oksijin, daga iskar da muke shaƙa yake ɗaukowa. Ki juya shi ta gefen da ke da alamar +, ki kai shi haske, za ki ga 'yan ƙananan huji kamar bakin allura. Su takardar take toshewa. Kamar garwashi ne da aka kife wa kwano, sai an ɗaga ya sha iska yake ruruwa. An yi shi haka ne don wurin da sinadari na biyu zai ci a cika shi da tutiya, shi ya sa yake ninka batirin agogo mai girmansa wajen daɗewa.

Mitar mai gyaran wayar ba ta yi ƙarya ba, shi ne bai san abin da yake aunawa ba. Batir da takardarsa a manne yakan nuna ƙasa da bolt 1.4 da aka san shi da shi, sau da yawa tsakanin 1.1 da 1.3, kuma lafiyarsa ƙalau. Idan aka ɓare, a ajiye shi hujin na kallon sama na minti ɗaya zuwa biyar kafin a sa a na'ura. Wanda ya sa shi nan take yakan ji na'urar ta yi shiru ko ta yi ƙarar gargaɗi, ya zaci batirin ne ya lalace.

Ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwan ciki yake fita. Ruwan yana zaune daidai ne idan damshin iska ya kai wajen rabi. A Marwa ko Garwa ko Njamena, a tsakiyar hunturu damshin kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai iska ta riƙa zuƙe ruwan dare da rana ko na'urar tana kashe. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ita ma tana shiga ta haɗu da ruwan ta mai da shi gishiri-gishiri, ya daina kai wuta. Lamba 13 yakan ɗauki caji wajen 300 mAh. Na'urar da ke jan 1.5 mA za ta yi awa 200 da shi, idan Baba yana sa ta awa 16 a yini kwana 12 ke nan. To kafin layi ya zo kan na uku, ya yi makonni a buɗe cikin iskar hunturu. Mayar da takardar ba ya komar da shi sabo, ɗankonta ba ya sake kamawa yadda ya fito daga kamfani.

Yanzu maganar maƙwabcinku, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Gaskiya ne batirin ya bushe, amma ruwan da ya fita ba ya komawa ta yawu ko ta ɗiga masa ruwa. A bayan hujin akwai wani siririn shafi da aka yi musamman don iska ta wuce ruwa kada ya wuce. Yawu toshe hujin kawai yake yi, ya ƙara shaƙe shi. Rana da bakin murhu kuma ƙarasa busar da shi suke yi, wani lokaci ya kumbura ya yoyo. Farin garin nan da ake gani a bakin ƙofar batir ta na'urar shi ne ruwan da ya tsiyayo, yana cin ƙarfen na'urar yana ƙona fata, kuma gyaran na'ura yana da tsada. Masu cewa suna yi masa caji da waya biyu su ma ƙarya suke, ba a ƙera shi don caji ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakin. Batirin nan bai kai ƙwayar magani girma ba, santsi gare shi. Tsoho ya sa shi a kunci, aka yi sallama ya amsa, ya wuce maƙogwaro. Jikoki suna kallo, gobe su kwaikwaya, ko su cusa a hanci ko kunne. Batirin da ya kasa tada na'ura yana da sauran wutar da za ta ƙona nama. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya yin mummunan rauni cikin awa biyu, tun mutum bai ji wani ciwon kirki ba. In hakan ta faru, asibiti za a nufa a take, a gaya musu batir ne, a tafi da katin, a ɗauki hoton ƙirji. Kada a sa mutum amai, kada a tsaya ba shi jiƙo, kada a ce a bari zuwa safe. Wanda ya shiga hanci ko kunne kada a ɗiga masa ruwa ko mai, shi ma asibiti ne. Ban san dalilin da zai sa mutum ya ba dattijo shawara a kan abin da bai taɓa buɗe cikinsa ba, ya kuma faɗe ta da gadara kamar ya karanta. Mu ji tsoron Allah a kan lafiyar mutane.

Waɗanda suka rage ki tattara su a kwalba mai murfi, nesa da yara da kuma magungunan Baba. Sabon kati kuwa, ki duba takardar ruwan lemo ce, ita ce alamar 13, ki duba ranar ƙarewa a baya, kada ki karɓi wanda takardarsa ta ɗago ko ya kwana a rana kan teburin mai tireda. A ɓare ɗaya ranar da za a sa shi, sauran su zauna a katinsu cikin akwati a ɗaki mai inuwa. Ban da firij, raɓa tana ɗaga takardar, ban da aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi. Da dare Baba ya buɗe ƙofar batirin don na'urar ta huta. Idan yana da gwangwanin busar da na'ura mai 'yan ƙwayoyin nan masu shan damshi, ya cire batirin kafin ya sa ta ciki, don batirin ma za su shanye. Ko an kiyaye duk wannan, daga Disamba zuwa Maris zai riƙa mutuwa da wuri fiye da damina, sai ki ƙara kati ɗaya a lissafin watannin nan.