Ƙugin wuta daban, shuuu ɗin fanka daban

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗauki hira da kawuna da waya a gidansa a Agege, kusan awa guda yana ba ni labarin zuwansu Legas. Fanka na juyawa a ɗakin, ga kuma wani ƙugi a ƙasa-ƙasa da ba ya tsayawa. Na sa wata manhajar waya ta goge, ƙarar ta tafi, amma muryarsa ta koma kamar mai magana a cikin randa. Ba shi da lafiyar da za a sake ɗauka. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Kawu lafiya.

Kafin komai, nemo fayil na asali, wanda waya ta ɗauka kafin manhajar nan ta taɓa shi. Wanda aka riga aka goge ba ya gyaruwa, domin abin da aka yanke daga murya ya tafi ke nan. Ka kwafi na asalin zuwa kwamfuta ta kebul, ka ajiye kwafi ɗaya gefe wanda ba za ka taɓa ba. Idan dole sai ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document. Fayil ɗin waya dama a matse yake, kuma duk matsar da aka ƙara masa tana ƙara masa ruwa-ruwan da kake gudu.

Na yi shekaru ina ɗaukar karatun azumi a wani masallacin unguwa a Idi-Araba, kuma na ɓata kaset ɗin mutane da yawa kafin in gane cewa ƙara biyu nake yaƙa da makami ɗaya. Ƙugin nan na ƙasa yana zaune ne a wuri ɗaya cak. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙugin wuta yake zama a 50 Hz, sannan 'ya'yansa su jeru a 100, 150, 200. Abu ne siriri kamar zare, ana iya zare shi ba tare da an taɓa tufar ba. Fanka kuwa shuuu take yi, ta bazu ko'ina, har cikin inda s da sh da ts da f suke zaune a maganarmu. Manhajar gogewa takan yanka sauti ƙanana-ƙanana, ta duba kowane yanki: idan bai fi ƙarar ƙarfi ba ta danne shi, idan ya fi ta bar shi. To akwai yankunan da suke daidai kan iyaka, yanzu a buɗe, yanzu a rufe, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan buɗe-rufen ne kunnenka yake ji kamar ɓulɓul. Ka matsa mata lamba, sai ɓulɓul ɗin ya ƙaru.

Saboda haka ƙugi ake fara cirewa da kayansa, a bar wa manhajar gogewa aiki kaɗan.

Ni da Audacity nake aiki, manhajar gyaran sauti ce ta kwamfuta, kuma kyauta ce. Idan ta ƙi buɗe fayil na m4a, tana neman FFmpeg ne, wata manhajar buɗewa da juya fayilolin sauti. Ko ka girka mata shi, ko ka juya fayil ɗin da kanka:

```
ffmpeg -i hira.m4a hira.wav
```

Sannan ka sa iyafis mai kyau. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙugin 50 Hz, sai ka ɗauka ka gama, ranar da aka sa shi a mota ko a lasifikar biki asiri ya tonu.

Bari in ba ka misali da wani karatu na minti 47 da na gyara, don ka ga yadda ake binsa. An ɗauke wuta ana tsaka da zama, aka tayar da ƙaramin janareta, wayar kuma tana jikin caja a kan benci kusa da malam. Na nemi inda ya yi shiru yana buɗe littafi, daƙiƙa uku, na zaɓe shi, na shiga Analyze sannan Plot Spectrum, wanda yake zana maka inda ƙara ta fi ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. Na ɗaga Size zuwa 16384, na sa Axis a Log frequency, in ba haka ba duk na ƙasan nan za su cure wuri ɗaya ba ka ganin komai. Sai ga tsinaye uku kamar ƙusoshi: 52, 104, 156. Ba 50 ba. Janareta ba ya riƙe gudunsa daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa. Da na rufe ido na rubuta 50 kamar yadda ake faɗa ko'ina, da na yanki wurin da babu komai, ƙugi na nan daram. Wannan a Legas kullum ne, don haka ka auna naka, kada ka ɗauki lambata. Wani abin kuma, na 104 ya fi na 52 tsawo, domin makirufon waya dama ba ya kama sautin da ya yi ƙasa sosai.

Na fara da High-Pass Filter a 80 Hz, Roll-off 24 dB. Shi wannan yana zubar da abin da ke ƙasa da inda ka sa: gindin ƙugi, girgizar benci, rugugin manyan motoci daga titi. Muryar namiji takan faro daga wajen 85 Hz, ta mace sama da haka nesa, to 80 ba ta cin kowa. Idan Kawu mai kauri ne a murya, sauko zuwa 70. Na taɓa kai shi 150 don haushi, malamin ya dawo kamar yana magana ta tsohuwar rediyo.

Bayan haka Notch Filter, ɗaya bayan ɗaya, a 104 sannan a 156. Yana da akwatin Q, wanda yake nuna sirantar yankan: lamba babba, yanka siriri. Na sa Q a 20. Na ji ƙugin yana leƙowa yana komawa duk lokacin da injin ya canza murya, sai na janye, na sake da 10 don ramin ya ɗan faɗaɗa. A nan ka yi hattara, domin 104 da 156 cikin gidan muryar namiji suke. Rami biyu ko uku sun isa. Na san masu jera goma har zuwa 500, murya ta koma kamar an toshe hanci. Bayan kowane ɗaya ka sake duba Plot Spectrum; tsinin da ya riga ya nutse cikin shuuu ɗin fanka, ƙyale shi.

Yanzu fanka. A Noise Reduction aiki biyu ne. Ka zaɓi wurin da babu komai sai fanka, ka danna Get Noise Profile don ta ɗauki samfurin ƙarar, sannan ka zaɓi dukan hirar ka dawo ka goge. Rabin nasarar a zaɓen farkon nan take. Daƙiƙa biyu ko uku sun wadatar, amma ka ɗaga sauti ka saurare su da kyau: babu numfashi, babu ƙarar kujera, babu hon ɗin danfo, babu wutsiyar kalmar ƙarshe tana amsawa a bango. Idan numfashin Kawu ya shiga ciki, ka koya wa manhajar cewa numfashinsa ƙara ce, za ta bi shi ta cinye duk inda ya ja iska. Kada kuma ka ɗauko daga doguwar shirun farko kafin a fara magana. Wayoyi da yawa suna ɗaga sauti da kansu idan an yi shiru, fanka ta fito da ƙarfin da ba ta da shi a ƙarƙashin magana, sai gogewar ta wuce gona da iri. Gajeren shiru tsakanin jimloli ya fi faɗin gaskiya. Samfurin kuma bayan ka cire ƙugi za ka ɗauke shi, ba kafin ba.

A karatun nan na tsaya a Noise reduction 8, Sensitivity 6, Frequency smoothing 6. Na farko shi ne yawan abin da za a rage. Na biyu shi ne zafin kishin manhajar: ka ɗaga shi ta fara cin baƙaƙe, ka sauke shi da yawa ta bar 'yan ƙyal-ƙyal kamar ƙananan ƙararrawa a wuraren shiru. Na uku yana shafe gefen yankan don kada buɗe-rufen ya fito fili, kuma ga magana ya fi taimako a kan ruwa-ruwa. Na gwada 12, ya yi tsit da daɗi a wuraren shiru, amma da malam ya ce “tsarki ya tabbata” sai ts ɗin ta zama wani abu jiƙaƙƙe. Na koma 8.

Hanyar da za ka kama ɓarna tun kafin ta faru ita ce Residue. A ƙasan akwatin akwai Reduce da Residue. Ka zaɓi Residue ka danna Preview, zai jiyar da kai abin da zai zubar kawai. Idan shuuu zalla ka ji, madalla. Idan kana iya tsintar kalmomin Kawu a ciki, ko da can nesa, to namansa kake yanka, ka rage Sensitivity ko ka sauke lambar farko. Ka tuna ka mayar da shi Reduce kafin ka danna OK. Na taɓa mantawa na adana shara na zubar da karatu, Allah ya sa akwai kwafi. Gwajin kuma ka yi shi a inda muryarsa ta yi rauni, ƙarshen jimla inda tsoho yake sauke murya, ba inda yake dariya ba.

Fankar ba za ta ɓace ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba. Rage 8 zuwa 10 dB yana mayar da ita kusan rabin yadda kunne yake jinta, bayan minti ɗaya mai sauraro ya manta da ita. Muryar da ta jiƙe kuwa, har ƙarshen awar yana jinta.

Akwai inda wannan duka ba ya aiki. Idan fankar tsaye ce mai juya kai, ƙararta tana zuwa tana tafiya, to ɗauki samfurin daga tsaka-tsaki ka haƙura da ragowar. Idan iskar tana bugun makirufo kai tsaye, bub-bub ɗin nan, High-Pass zai rage shi kawai, ba ya fita. Idan kuma an ɗauke wuta ko an kawo a tsakiyar hirarku, ƙarar ta canza ke nan, sai ka raba fayil ɗin a daidai wurin, kowane ɓangare da awonsa da samfurinsa. Nawa haka na yi: minti 19 na farko 50 da 100 ne, sauran na janareta.

Ɗaga sauti shi ne na ƙarshe, da Normalize zuwa -1 dB, kuma ka nisanci Compressor a wannan fayil, zai ɗago maka fankar da ka sha wahalar dannewa. Ka fitar da WAV ka ajiye, daga shi ka yi MP3 na rabawa dangi.

Idan ka buɗe Plot Spectrum ka rasa gane tsinayen, ɗauki hoton allon ka sa a nan, in na dawo daga kasuwa da daddare zan duba maka.