Fayil ɗin bashinmu yana ta haihuwa a Dropbox: wanne ne na gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna sayar da siminti da kwanon rufi, shago ɗaya a Kawo, ɗaya a Tudun Wada, ni kuma ina duba lissafi daga gida. Mun ajiye fayil ɗin Excel na masu bashi a Dropbox don kowa ya riƙa shigar da nasa. Yanzu fayil ɗin ya zama biyar, huɗu suna ɗauke da "conflicted copy" a sunansu, kuma jimillar kowanne daban. Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutocin? In goge su in bar na asali? (Wani ɗan kasuwa, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka goge ko ɗaya tukuna. Babu ƙwayar cuta a nan. Kowane kwafi a cikin huɗun nan yana ɗauke da aikin da wani yaronka ya yi wanda bai shiga babban fayil ba, don haka idan ka goge shi, bashin da aka rubuta ranar ka goge.

Abin da ke rikita mutane shi ne ana ɗauka fayil ɗaya ne kowa ke buɗewa. A gaskiya kowace kwamfuta tana da nata kwafin a cikinta, sannan akwai wani a sabar Dropbox, wato babbar kwamfutar kamfanin da ake kaiwa gare ta ta intanet. Aikin manhajar shi ne ta tura sabon kwafi sama idan an adana canji, ta kuma sauko da shi ga sauran. Muddin kowa yana kan intanet kuma ana aiki bi da bi, ba za ka ga matsala ba.

Mu ɗauki misali. Ranar Litinin da safe fayil ɗin yana da layi 200, kuma haka yake a duka kwamfutocin. Da hantsi data ta ƙare a shagon Kawo, yaron bai lura ba, ya ci gaba da aiki har ya ƙara layi 12. A Tudun Wada kuwa intanet na nan. Yaron can ya ƙara layi 7, ya kuma rage naira 40,000 daga bashin wani magini da ya kawo kuɗi. Nasa ya hau saba nan take, ya zama shi ne sabon fayil. Da yamma aka sa wa Kawo data. Kwamfutar ta zo da nata fayil ɗin, wanda aka gina a kan na safe, sai ta tarar na safen ya riga ya canza. Idan ta ɗora nata a kai, aikin Tudun Wada ya tafi. Idan ta karɓi na saba, aikin Kawo ya tafi. Dropbox ba ya shiga cikin fayil ɗin Excel ya haɗa layi da layi, dunƙule ɗaya yake ganinsa. Sai ya ajiye duka biyun, ya canza wa wanda ya iso a makare suna:

```
Bashi.xlsx
Bashi (Kawo's conflicted copy 2025-03-10).xlsx
```

Sunan da ke cikin baka yana gaya maka daga wurin wa kwafin ya fito da kuma ranar. Ka lura da kyau: wanda ya riƙe sunan asali ba shi ne ya fi daidai ba, shi ne kawai ya riga isa. Washegari yaron Kawo zai buɗe `Bashi.xlsx` kamar kullum, ya ga layukansa 12 babu su, ya rantse ya shigar da su. Gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma ya sake shigar da su daga rasit, ka ga idan aka zo haɗawa ba a kula ba, bashin mutum ya ninku.

Ba sai data ta ƙare ba ma. Idan aka bar fayil ɗin a buɗe a Excel aka tafi sallah ko aka rufe murfin laftof, wani ya canza shi daga can, duk lokacin da aka dawo aka danna adanawa, tsohon da ke kan allo ne za a adana, rikici ya tashi. Haka idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu kafin ta gama turawa. Masu amfani da OneDrive su ma suna gamuwa da wannan, sai dai su sunan kwamfutar ake liƙa wa fayil ɗin a ƙarshe, kamar `Bashi-DESKTOP-4K2.xlsx`, shi ya sa da yawa ba sa gane cewa kwafin rikici ne. OneDrive yana kuma dakatar da kansa idan Windows ya ɗauki layin a matsayin mai ƙidayar data, ko laftof ya shiga yanayin tattalin batir. Mai jona kwamfuta da wayarsa ya kula da wannan, domin intanet na aiki, shafuka na buɗewa, amma fayil bai motsa ba.

Yanzu ga yadda za ka haɗa su. Ka zaɓi lokacin da an tashi daga kasuwa, ka ce kowa ya rufe Excel ya jona intanet har alamar Dropbox ta nuna ta gama, don kada wani kwafi na shida ya fito kana tsakiyar aiki. Sannan ka kwafe duka biyar ɗin zuwa wata folda da ba ta cikin Dropbox, a can za ka yi aikin.

Ka buɗe babban fayil, ka sa wa shafinsa suna `Asali`. Ka buɗe kwafin rikici mafi tsufa, ka kwafe shafinsa gaba ɗaya zuwa sabon shafi a cikin babban fayil. Zan ɗauka lambar rasit tana jerin A, ragowar bashi kuma tana jerin D. A sabon shafin, a wani jeri da babu komai, ka rubuta wannan a layi na 2 ka ja shi har ƙasa:

```
=IFERROR(IF(VLOOKUP(A2,Asali!A:D,4,FALSE)=D2,"","DUBA"),"SABO")
```

Fomular tana ɗaukar lambar rasit ta je ta nemo ta a `Asali`. Idan babu ita, ta rubuta `SABO`, wato layin ya ɓace daga babban fayil, ka kwafe shi can. Idan tana nan kuma kuɗin ya yi daidai, ba ta cewa komai. Idan tana nan amma kuɗin ya bambanta, ta rubuta `DUBA`.

Wurin `DUBA` ɗin nan ne aikin yake, kuma kwamfuta ba za ta yanke maka hukunci ba. A misalinmu, layin maginin nan zai fito da `DUBA`, domin kwafin Kawo bai san ya biya 40,000 ba. A nan babban fayil ne daidai, ka bar shi. Amma akwai tarko mafi muni. Idan yaran suna ba da lamba ta hanyar duba ta ƙarshe su ƙara ɗaya, to ranar Litinin Kawo ya fara daga 201, Tudun Wada ma ya fara daga 201. Layuka bakwai na farko na Kawo, 201 zuwa 207, za su fito da `DUBA` alhali mutane ne daban da kaya daban, biyar ɗin ƙarshe ne kawai za su fito da `SABO`. Idan ma aka yi rashin sa'a kuɗin biyu suka zo ɗaya, kamar mutum biyu kowa ya ɗauki buhu goma, fomular za ta yi shiru. Saboda haka duk layin da aka shigar a ranar da ke jikin sunan kwafin, da ranakun da ke gabanta tun daga lokacin da intanet ya yanke, ka bi su da ido ka gwada sunan mai bashi da littafin rasit na takarda. Haka nan idan an goge layin wanda ya gama biya daga babban fayil, zai fito da `SABO` a tsohon kwafi. Kada ka mayar da shi ka je kana bin mutum kuɗin da ya biya.

Idan ka gama da kwafi ɗaya ka goge shafinsa, ka kawo na gaba, kana bin ranaku daga tsoho zuwa sabo. A ƙarshe ka mayar da haɗaɗɗen fayil ɗin cikin Dropbox, ka kwashe kwafin rikicin ka ajiye a filashi na wata ɗaya ko biyu. Idan kuma akwai wanda aka riga aka goge, ka shiga Dropbox ta burauza ka duba `Deleted files`. A asusun kyauta kwana 30 ake ajiye abin da aka goge da tsofaffin siffofin fayil, bayan nan shi ke nan.

To, ta yaya za a hana ya sake faruwa? Za a ce maka ka gargaɗi yara su riƙa jiran alamar kore kafin su buɗe, su rufe fayil da sun gama. Shawara ce mai kyau, amma ni ban yarda a dogara da ita ba. Ranar da mota ta tsaya tana jiran lodi, mutum uku na miƙo kuɗi, babu wanda zai tsaya kallon ƙasan allo. Gyaran da ke ɗorewa shi ne kowane fayil ya zama mutum ɗaya ne ke rubutu a cikinsa. Kawo ya riƙe `Bashi-Kawo.xlsx`, Tudun Wada ya riƙe `Bashi-TWada.xlsx`, kowa a kan kwamfuta ɗaya tak. Ko Kawo ya kwana uku babu data, ranar da ya jona fayil ɗinsa zai hau lafiya, tunda babu wanda ya taɓa shi. Lambar rasit kuma ta ɗauki harafin shago, `KW-201` da `TW-201`, don kada su sake karo. Kai kuma, Alhaji, ka riƙe fayil na uku na jimilla, nasu kuma ka buɗe don dubawa kawai. Idan Excel ya tambaye ka ko a adana canji lokacin rufewa, ka ce a'a. Idan mai bashin Kawo ya biya a Tudun Wada, su rubuta shi a matsayin sabon layi na biya a fayil ɗinsu da lambar rasit ɗin Kawo a gefe, kai ka haɗa a jimilla.

Idan lallai sai kowa ya yi rubutu a wuri ɗaya, Google Sheets ya fi dacewa, domin shi canje-canjen yake turawa ɗaya bayan ɗaya, ba dukan fayil ba, shi ya sa ba ya haifar da kwafi. Yana aiki babu intanet idan an kunna masa hakan tun da wuri. Sai dai ka san iyakarsa: idan mutum biyu suka rubuta a gida ɗaya na shafin alhali ɗaya ba ya kan layi, rubutu ɗaya ne zai zauna, kuma babu wani sabon fayil da zai fito ya ankarar da kai, sai ka shiga `Version history` ka nemo. Don haka ko a can ka ba kowane shago shafinsa daban a cikin fayil ɗin.