Kafin ki sayi manhaja, zana jadawalin RACI a takarda

Tambaya: Mu biyar ne ke haɗa rahoton da ƙungiyarmu ke aika wa masu ba mu tallafi duk wata uku. Kusan kullum sai ya makara, kuma in aka tambaya kowa sai ya ce yana jiran wani. An ba ni shawara mu sayi manhajar kula da ayyuka mai jadawalin RACI. Ni ce manajar shirin. In saya, ko akwai wata hanya?

Amsa: Malama, ki dakata da sayen tukuna. Jadawalin RACI ba ya buƙatar komai face takarda ko shafin Excel ko Google Sheets. Wahalarsa tana wajen zaman da za ku yi ku biyar ku amince da abin da za a rubuta a kowane gurbi, kuma babu manhajar da za ta yi muku wannan zama.

Ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, kowane aiki da layinsa, a jera muƙaman mutane a sama daga hagu zuwa dama. Inda aiki ya haɗu da muƙami sai a sa harafi. R na wanda zai yi aikin da hannunsa ne. A na mai wuƙa da nama ne, wanda zai ce aikin ya yi ko bai yi ba, kuma shi za a tuhuma idan ya lalace. C na wanda dole a ji ta bakinsa kafin a gama. I na wanda za a sanar da shi bayan an gama, ba tare da an jira amsarsa ba. Gurbin da mutum ba shi da hannu a bar shi fayau, wannan ma bayani ne.

A shafin lissafi, ki bar layin tsaye na farko ga ayyuka, ki sa daraktanku a layin tsaye na B, ke a na C, akanta a na D, mai tattara bayanai a na E, jami'in sadarwa a na F. Kada ki rubuta "rahoto" a layi ɗaya, domin a cikinsa akwai ayyuka aƙalla biyar: tattara alƙaluman aiki, haɗa lissafin kuɗi, rubuta daftari, amincewa da daftarin ƙarshe, da aikawa. Ki rubuta kowanne ta yadda za a iya cewa an gama shi. "Kula da bayanai" ba ya ƙarewa, amma "miƙa alƙaluman wata uku da aka tantance" yana da ranar gamawa.

A layin alƙaluma, mai tattara bayanai R, ke A, sauran babu komai. A layin lissafin kuɗi, akanta R ne, kuma zai iya riƙe A ɗin da kansa, sai a rubuta A/R. Ke C ce, tunda ke kika san abin da aka kashe kuɗin a kai. A layin daftari ke ce A/R, akanta da mai bayanai C. Aikawa kuwa, jami'in sadarwa R, ke A, darakta I.

Na bar layin amincewa da daftarin ƙarshe da gangan, domin ina kyautata zaton a nan rahotonku ke kwana. Da kin zo wannan layi za ki ji ana cewa darakta ya kamata ya sa hannu, akanta ma ya kamata ya amince tunda akwai kuɗi a ciki, ke ma ai shirinki ne. Idan kuka sa A uku, kun rubuta matsalarku ne kawai a cikin jadawali. Darakta zai jira akanta ya duba, akanta zai ɗauka darakta ya gani, in kuma suka saɓa babu mai raba gardama. A ɗaya tak ake sawa a kowane layi. A nan darakta ne A, ke R domin ke za ki kai masa daftarin ki yi gyaran da ya nema, akanta kuma C.

Mai yiwuwa akanta ya ce ba zai yarda a fitar da alƙaluman kuɗi ba tare da amincewarsa ba, kuma yana da gaskiya. Sai ki nuna masa cewa yana da A ɗinsa a layin lissafin kuɗi: babu wanda zai taɓa waɗannan alƙaluma bayan ya rufe su. Duk lokacin da mutum biyu suka nace a kan A ɗaya, ki duba da kyau, galibi hukunci biyu ne aka cusa a layi ɗaya. A raba layin gida biyu, kowa ya ɗauki nasa.

Harafin C ma yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Mutane kan raba shi don kada ran wani ya ɓaci, alhali kowane C mutum ne da dole a jira. Kafin ki ba wani C ki tambayi kanki: in ya ce wani abu, zai iya sauya aikin? In ba zai iya ba, I ne nasa. Wanda ya cancanci C kuma a yanka masa wa'adi, misali kwana 2, a rubuta a ƙasan jadawalin cewa in wa'adin ya wuce bai ce komai ba za a ci gaba. Jadawalin kansa ba ya nuna lokaci ko abin da ke gaba da wani, don haka ki ƙara layin tsaye na ranar gamawa a gefe.

In a shafin lissafi kika yi, sa wannan a G2 ki ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(B2:F2,"*A*")
```

Duk layin da bai nuna 1 ba akwai gyara: 0 na nufin babu mai alhaki, 2 na nufin za a yi jiran juna. Ki sauya A da R ki sake dubawa, domin layin da ba shi da R babu mai yin sa. Sannan ki karanta daga sama zuwa ƙasa. Idan A ta cika layin darakta, komai zai tsaya duk ranar da ya yi tafiya, kuma gara ya sakar miki wasu. Amma a kula: A ba ta ba mutum ikon da ba shi da shi. In aka rubuta miki A a aikawa, alhali a zahiri ba kya iya aikawa sai darakta ya ce to, jadawalin ƙarya yake yi. Ko dai ya sakar miki da gaske, ko a mayar da harafin wurinsa.

Kada ki cike shi ke kaɗai ki tura musu. Ki zo da layukan a rubuce, guraben a buɗe, ku cike tare darakta yana zaune. Ku yi aiki da shi a rahoto mai zuwa, bayan an aika ku duba layin da ya tsaya da dalilin tsayawarsa.

Sayen manhaja zai yi ma'ana idan bayan haka abin da ya rage shi ne mantuwa da wa'adi, ko ayyukan sun yi yawa har shafi ɗaya ba ya ɗauka. A lokacin ki gwada ta da layin amincewar nan kafin ki biya. Asana da Jira, alal misali, mutum ɗaya suke bari a ɗora wa aiki, sauran su zama masu bibiya. Wannan gurbin ki ba wa R, sannan ki duba ko manhajar na da matakin amincewa ko gurbin da za ki ƙara da kanki ki rubuta A, da kuma ko wannan damar tana cikin tsarin da za ku biya ko sai a mafi tsada.