Maigida, wane lokaci ne ya fi dacewa in saka kaya a shafi?

"Maigida, na duba lissafin shafin butik ɗin takalman da ka damƙa mini, ya nuna mabiya sun fi yawa tsakanin ƙarfe 6 na yamma da 9 na dare. Mako uku ke nan ina sakawa a lokacin, wata rana har sau biyu, amma masu tambayar kuɗi ba su ƙaru ba. Lissafin ne ƙarya, ko ni ne ban iya ba? Kuma sau nawa ya kamata in riƙa sakawa?"

Ɗana, lissafin bai yi maka ƙarya ba, kai ne ka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Waɗannan sandunan da kake gani a Instagram, a ƙarƙashin bayanan mabiya, abu ɗaya suke faɗa maka: lokacin da mutanenka suke riƙe da waya manhajar na buɗe. Ba su san wa ke da kuɗi a aljihu ba, ba su san ko shagon na buɗe ba. A Garwa kowa ya san bayan sallar isha'i, an ci tuwo, iska ta ɗan sauko, mutane na kan tabarma a ƙofar gida suna latsa waya. Kowane shafi ka buɗe a garin nan, na tela ne ko na mai sayar da siminti, sandar dare ce za ta fi tsawo. To duk masu shafi sun ga abin da ka gani, duk kuma a lokacin suke zuba nasu. Ka shiga kasuwa ne a sa'ar da ta fi cika da masu saye, ta kuma fi cika da masu talla.

Kafin ma ka yarda da sandunan, duba su wane ne mabiyan. Instagram ba ya nuna maka wannan ɓangaren sai shafi ya kai mabiya 100, kuma a nan ne za ka ga garuruwansu. In rabinsu a Duwala, Yawunde ko Kano suke, agogonmu ɗaya da su, amma ba su ne za su hau moto su zo babbar kasuwa ba. In shafin ya taɓa yin gasar raba kyauta, akwai ɗaruruwan da suka shigo don kyautar kawai, su ma suna cikin sandunan nan.

Bari in buɗe maka littafina. Akwai wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi da na riƙe wa shafi, mabiyanta wajen dubu shida, yawancinsu matan aure na nan cikin gari. Ni ma da dare na fara, kamar kai. Ana danna so, ana rubuta "Masha Allah", ciniki kuwa shiru. Sai na sayi littafin 'yan makaranta na ja layuka, na zaɓi lokaci uku: 9:30 na hantsi, 2:00 bayan azahar, da 7:45 bayan isha'i. Na zaɓi rana uku kuma: Litinin, Laraba, Asabar. Abin da zan so ka riƙe shi ne yadda na juya su. Makon farko Litinin ta ɗauki hantsi, Laraba azahar, Asabar dare. Mako na biyu na matsa: Litinin azahar, Laraba dare, Asabar hantsi. Na uku na sake matsawa. A mako uku kowace rana ta ɗanɗana kowane lokaci sau ɗaya. Da na bar Asabar kullum da dare, in ta yi kyau ba zan san wa zan gode wa ba, Asabar ɗin ko daren. Na maimaita zagayen, mako shida ke nan, sakawa 18, kowane lokaci ya samu shida.

Kayan kuma na riƙe su iri ɗaya gwargwadon iko: hoto uku na turmi ɗaya a shimfiɗe kan teburin shago, kuɗinsa a rubuce, babu bidiyo, ba a biya ko dala ɗaya ta talla ba. In ka sa bidiyon amarya da dare, ka sa hoton da ya dushe da safe, ba lokaci ka gwada ba, kaya ka gwada.

Kowane sakawa sai ya cika awa 48 nake rubuta sakamakonsa, domin Facebook da Instagram ba bisa jerin lokaci suke nuna wa mutane abu ba. Abin da ka sa da hantsi wani sai dare zai gan shi, wani sai gobe. Abu uku nake rubutawa: mutum nawa ya kai wa, wato abin da wayar da ke Faransanci take kira Couverture, saƙo nawa ya shigo yana tambayar wannan turmin, da turmi nawa ya fita. Na ƙarshen nan babu manhajar da za ta ba ka shi. Yarinyar shago ce take ja mini layi a bayan kwali duk lokacin da wata ta zo ta nuna hoton a wayarta ta ce "wannan nake so".

Ga saƙonnin dare shida: 3, 4, 4, 6, 7, 31. Ga na hantsi: 8, 9, 10, 12, 12, 14. In ka tara na dare ka raba shida za ka samu wajen 9, na hantsi wajen 11, sai ka ce ai kusan ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wancan 31 ɗin wata mai kwalliyar amare ce ta ɗauki hoton ta yaɗa a shafinta, abin da ba zai faru kowane mako ba. Shi ya sa nake jera lambobi daga ƙarami zuwa babba in ɗauki na tsakiya. Tsakiyar na dare tsakanin 4 da 6 ne, wato 5. Tsakiyar na hantsi tsakanin 10 da 12, wato 11. Fiye da ninki biyu. Alhali a yawan waɗanda suka gani, dare ne a gaba: wajen mutum 1,900, hantsi kuwa wajen 1,300. Azahar ba ta yi abin kirki ba ta kowace fuska, na ajiye ta.

Lambobi ba za su faɗa maka dalili ba, sai ka zauna a shagon. Na zauna kwana biyu a kan benci ina kallo. Da hantsi yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, uwargida ta samu sarari kafin ta ɗora tukunyar rana. Ta ga turmi, ta tambaya, Hajiya na zaune wayar na hannunta ta amsa a minti biyu, kafin azahar an turo yaro a moto da kuɗin. Da dare kuwa shago a rufe, Hajiya na hidimar gidanta. Saƙon da ya shigo 8:30 sai gari ya waye ake amsa shi, lokacin sha'awar ta huce, ko wata mai shagon da ke farke ta riga ta amsa. Wannan ya tsaya mini a rai sosai, domin mace ce ta yi sallama a ƙofar shago aka bar ta tsaye har safe. Tun daga nan ba na saka kaya a lokacin da babu mai amsawa cikin awa ɗaya.

Kada ka kwashi 9:30 ka kai shafin takalmanka ka ce Maigida ya faɗa. Naka masu sayen samari ne, 'yan makaranta da masu moto, da hantsi suna aji ko suna kan titi. Mai yiwuwa daren ne nasu, matsalar tana wajen amsawa ko wajen kayan. Littafinka ne zai raba gardama.

Wajen rana akwai tarko guda. Lissafin kullum na shafin Facebook da agogon Kaliforniya ake yanka shi, kuma tsakar darensu ƙarfe 9 na safe ne a nan, ko 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba in sun matsa agogonsu. Ke nan wanda ya ga kayanka 7 na safiyar Asabar, a lissafin Juma'a zai faɗa. Na taɓa yin wata guda ina yabon Juma'a da abin da Asabar ta yi. Don haka ranar da ka saka da hannunka ita za ka rubuta, ka bi lissafin kowane sakawa shi kaɗai. A wajen Hajiya bambancin Litinin, Laraba da Asabar bai taka kara ya karya ba, ban ɓata lokaci a kansa ba. Abin da ya fi ranar mako nauyi shi ne ranar wata: in albashi ya sauka a ƙarshen wata komai na motsi, tsakiyar wata kuwa sai a hankali. Ka bar layi ɗaya a littafin don irin waɗannan: yau an ɗauke wuta tun la'asar wayoyi sun mutu, yau rezo ya yi rauni, yau Kamaru na buga ƙwallo. Sakawar da ta faɗa irin wannan rana zagaye ta da biro, kada ka yanke hukunci da ita.

Sai batun sau nawa. Bayan na tsayar da hantsi, sai na bar lokaci a wurinsa na taɓa yawa kaɗai, kowane mataki mako uku. Sau uku a mako na kawo saƙo wajen 33. Na kai biyar, suka zama wajen 45. Kowane sakawa ya ragu zuwa 9, amma jimillar mako ta hau, kuma jimillar ce ke biyan hayar shago. Hajiya ta ji daɗi ta ce a yi sau biyu kullum. Na yi mata, 14 a mako. Saƙo ya tsaya a 47. Sakawa tara na ƙari, da datar ɗora su, da wahalar shimfiɗa turame, don saƙo biyu. Masu barin shafin kuma, da a mako ba su wuce biyu ko uku ba, suka haura goma. Dalilin a fili yake: sabon kaya biyar ko shida ke shigo mata a mako, sauran maimaici ne, kuma sakawar yamma na cin rabon ta safe tun ba ta gama yawonta ba. Muka koma biyar. Wajen wannan lissafin kada ka tara Couverture na kowane sakawa ka ce mutum kaza ka kai wa, domin mace ɗaya da ta ga biyar za ka ƙirga ta sau biyar. Buɗe na mako gaba ɗaya.

Status na WhatsApp dabam ne. Awa 24 yake yi ya ɓace, kuma mutum da kansa yake buɗewa, don haka kullum ma ba ya gundura in bai wuce hoto huɗu ko biyar ba. Yana kuma nuna maka sunan wanda ya kalla da lokacin da ya kalla, sai dai wanda ya kashe alamar karantawa. Wannan ya fi sandunan Instagram kusa da gaskiya a wajenka, tunda mutanen da ke da lambar shagon ne, yawancinsu sun taɓa saye.

In azumi ya kama, rufe wannan shafin littafin ka buɗe sabo. Hantsi mutuwa yake yi, mutane na dawowa bayan tarawihi da wajen sahur, masu atamfa kuma dole su matsa tun goman farko domin tela na rufe karɓar ɗinkin sallah da wuri. Zafin Maris da Afrilu ma na tura mutane su daɗe a waje da dare.

Gobe ka je wajen mai butik ɗin ka tambaye shi wa ke riƙe da wayar shago bayan magariba, da ƙarfe nawa yake daina amsawa. Ka koma sau uku a mako, ka zaɓi lokutanka uku cikin sa'o'in da akwai mai amsawa, ka ja layukan. Ran Asabar ka kawo mini littafin in ga yadda ka juya ranakun kafin ka fara.