Me ya sa turjiyar Thevenin ɗina take fita ninki biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Da'irata tana da tushen 10 V, sai R1 na 2 kΩ zuwa mahaɗar a, sai R2 na 2 kΩ daga a zuwa b. Akwai kuma tushen karant mai dogaro da ke tura 2·ix cikin a, inda ix shi ne karant ɗin R1. Na kashe tushen biyu na samu Rth = 1 kΩ, amma amsar malaminmu 500 Ω ce. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi. Ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, lissafinka bai da matsala, wuri ɗaya ka yi tuntuɓe: ka kashe abin da ba a kashewa.

Wannan kuskure kullum sai na ci karo da shi, kuma laifin na masu koyar da hadda ne, waɗanda ke cewa "kashe duk tushe ka haɗa rasistoci" ba tare da sun faɗi sharaɗin ba. Wallahi abin yana ƙona mini rai, don ɗalibi yana ɗaukar wannan karatu har wurin aiki. Tushe mai cin gashin kansa ne kawai ake mayarwa sifili, domin ƙimarsa lamba ce da aka ɗora wa da'ira daga waje. Mai dogaro kuwa ba shi da lamba tasa. Dangantaka ce tsakanin sassa biyu na da'irar, kamar yadda V = IR take ga rasisto. Sunan "tushe" da zanen lu'ulu'un nan ne ke ruɗin mutane. Duk lokacin da lodi ya ja karant, bolteji a mahaɗar a yana sauka, ix ya ƙaru, shi kuma mai dogaron ya ƙara turo ninki biyu na wannan ƙarin. Wannan martani wani ɓangare ne na turjiyar da lodi ke gani. Idan ka cire shi, wata da'ira daban ka auna, ba taka ba. Ka tuna da taransisto: mai dogaron nan ai shi ne taransiston a cikin zane. Wa zai zare taransisto daga amfilifaya sannan ya ce ya auna turjiyar fitarta?

To, mu bi ta yadda ya dace. Bar a da b a buɗe don samun Voc. Karant ɗin da ke shiga a shi ne ix da 2·ix, kuma duk ta R2 zai fita. Sannan don samun Isc ka haɗe a da b da waya, wanda zai sa bolteji ya zama sifili, R2 ya tashi a banza.

```
3(10 − Voc)/2000 = Voc/2000  →  Voc = 7.5 V
Isc = 3 × 10/2000 = 15 mA
Rth = Voc/Isc = 500 Ω
```

Ni na fi amincewa da hanya ta biyu, wato tushen gwaji. Maye gurbin 10 V da waya, bar mai dogaro a raye, ka ɗora 1 V tsakanin a da b. R2 zai ja 0.5 mA. A R1 karant ya juya baya, don haka ix = −0.5 mA, kuma mai dogaro ya bi sahu, yana zuƙe 1 mA daga a. Jimilla 2 mA ke fita daga tushen gwajin, 1 V a raba da 2 mA kuwa 500 Ω ne. Wannan 1 mA shi ne abin da ka zubar.

Idan kana son ganin girman ɓarnar, saka lodin 500 Ω. Da'irar asali tana ba da 3.75 V, haka ma 7.5 V da 500 Ω. Da 1 kΩ ɗinka 2.5 V za ka samu. Ka riƙa yin wannan gwaji da lodi ɗaya kafin ka miƙa takarda.

Dalilin fifita tushen gwaji shi ne, idan da'ira ba ta da tushe mai cin gashin kansa ko ɗaya, Voc da Isc duk sifili ne, rabon ba zai ba ka komai ba. Kuma kada ka firgita in amsa ta zo da alamar ragi. A da'irarka, juya kibiyar mai dogaron ka mayar da shi 3·ix, za ka samu −2 kΩ, kuma daidai ne: da'irar ce ke tura wa tushen gwajin ƙarfi.

Sai ka kula da inda ka yanka. Dole ix da tushen da ya dogara da shi su kasance ɓangare guda. Idan ix ya faɗa cikin lodi, matsar da a da b har ya dawo ciki, sannan ka fara lissafi.